Yadda Ake Zana Jadawalin Aikin Mako a Takarda Don Ƙaramin Shagon Ɗinki

Abokan sana'a da suka ga kwalin da ke manne a bangon shagona sun sha tambayata yadda ake zana shi, wasu ma sun ɗauki hotonsa a waya sun tafi, amma bayan kwana biyu sai su dawo su ce bai yi musu aiki ba. Ba zai yi ba, domin jadawalin wani shago ba ya shiga wani shago, kamar yadda rigar wani ba ta zama daidai a jikin wani. Layukan da ake ja su ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke sa jadawali ya tsaya shi ne lissafin da aka yi kafin a ɗauki rula, wato sanin awa nawa ne da gaske ake da su a mako, da sanin wane keke ne ko wane mutum ne kowa yake jira.

Zan yi misali da shagon ɗinkin maza mai mutum biyar: maigidan shago, teloli biyu da suka ƙware (zan kira su Babba da Ƙarami), da yara biyu masu koyo, ɗaya na safe ɗaya na yamma. Akwai kekunan ɗinki uku na ƙafa, keken aikin wuya ɗaya mai amfani da wuta, da keken wibin. Kafinta da mai walda da mai gyaran babur za su iya bin matakan nan, sai dai su canza sunayen ayyukan.

Mataki na 1: Haɗa kaya

Kana buƙatar farar takarda A4 guda biyu ko uku, fensir da abin goge shi, rula mai tsawon santimita 30, biro shuɗi ko baƙi, jan biro, da salatif. Idan kana so a riƙa hango shi daga nesa, ƙara kwali ɗaya da maka. Yawancin waɗannan suna cikin jakar makarantar yaranka, kwali da maka ne kawai za ka saya. In babu rula, tef ɗin awonka yana da santimita a bayan inci, kuma kowane miƙaƙƙen katako zai ja maka layi.

Ainihin abin da za ka kashe lokaci ne. A karon farko ka ware awa ɗaya da rabi a lokacin da shago yake rufe. Bayan nan, minti ashirin a mako ya isa.

*Gargaɗi:* kada ka fara da maka a kan kwali. Jadawalin farko sai an goge shi sau da yawa, don haka fensir da A4 tukuna.

Mataki na 2: Yi mako guda kana rubuta abin da ke faruwa

Wannan shi ne matakin da mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake kayar da su. Kafin ka zana komai, ajiye takarda a gefen kekenka har kwana bakwai, ka riƙa rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa kowa ya iso, ƙarfe nawa aka kawo wuta aka kuma ɗauke, awa nawa kowane sashen aiki ya ci, da abin da ya tsayar da aiki.

A wajen awon aiki, kada ka tambayi kanka ko yaranka, domin duk tela zai ce maka yana gama riga da wando cikin awa biyu. Lokacin da ya fi sauri a rayuwarsa yake tunawa. Duba agogo lokacin da aka ɗora yadi a tebur, ka sake dubawa lokacin da aka gama yanka. Yi haka a kaya uku ko huɗu, ka ɗauki na tsakiya. A shagon misalinmu abin da ya fito ke nan a kan kaftani da wando ɗaya: yanka awa 1, aikin wuya awa 1 da rabi, haɗawa da wibin awa 3 da rabi. Jimla awa 6 na hannun gwani idan mai aiki ne, awa 4 da rabi idan marar aiki ne. Maɓalli da cire zare da guga na yara ne, ba a sa su cikin wannan lissafi ba. Naka zai iya fin haka ko ya gaza, ya danganta da irin ɗinkin da kake yi da saurin hannun mutanenka, don haka kada ka kwafi nawa.

Mataki na 3: Fitar da awannin da ba naka ba

Shagon yana buɗewa ƙarfe 8 na safe, yana rufewa ƙarfe 6 na yamma, daga Asabar zuwa Alhamis. Ranar Juma'a ana tashi ƙarfe 12. Wanda ya duba sama-sama zai ce awa 10 a rana, sau shida 60, da 4 na Juma'a, awa 64 ke nan. Amma babu wanda yake taka keke awa 64 a wannan shago.

Rabin awan farko na shara ne, da kakkaɓe kekuna da sa musu mai da fito da kaya. Daga 1:30 zuwa 2:30 Azahar ce da abinci. Daga 4:00 zuwa 4:30 La'asar. Awa biyu sun tafi, saura 8 a rana, wato 48 a kwana shida. Ka bi lokacin masallacin unguwarku, domin wasu suna tayar da Azahar ƙarfe 1:30, wasu sai 2:00, kuma ka haɗa da alwala da tafiya da dawowa, ba raka'o'in kaɗai ba.

Safiyar Juma'a kuwa ban sa ta a lissafi ba sam, zan faɗi dalili a gaba.

Yanzu bi mutum ɗaya-ɗaya. Babba yana nan kullum, yana da 48. Ƙarami ba ya zuwa ranar Lahadi, saura 40. Maigida shi ne wanda lissafinsa yake ba mutane mamaki. Yana shiga kasuwa safiyar Litinin don zare da sitif da maɓalli da zif, kuma wanda ya san shiga Kantin Kwari da fitowa ya san ba abin awa ɗaya ba ne, don haka awa 5 sun tafi. Kullum da yamma yana tare da masu kawo ɗinki da masu karɓa, ana awo ana ciniki, awa ɗaya da rabi sau shida, 9 ke nan. Abin da ya rage masa 34. Idan aka haɗa su uku, 48 da 40 da 34, awa 122 na hannun gwani ake da su a mako.

*Gargaɗi:* kada ka haɗa awannin masu koyo cikin wannan jimla. Yaron da bai shekara ba, idan ka ba shi haɗa riga, cikin lokacin Babba yake ci, domin sai an tsaya an nuna masa, wani lokaci a farke a sake. Suna da gurbinsu a jadawali, amma ba da su za ka yi wa mai kaya alkawari ba.

Mataki na 4: Bar kashi ɗaya cikin biyar a buɗe

Daga cikin 122 ɗin, cire kashi ɗaya cikin biyar, wajen awa 24, kada ka rubuta komai a kansu. Abin da za ka cika kusan 98 ne. Na san wannan yana yi wa mai shago zafi, domin yana ganin kamar kuɗi ne yake zubarwa. Amma ka tuna makon da ya wuce. Allura ta karye a tsakiyar wuya, an dawo da wando a rage tsawo, an yi rasuwa a unguwa kowa ya tafi jana'iza, yaro ya kwanta zazzaɓi, wani babban mutum da ba a iya ce masa a'a ya aiko da yadi yana so jibi. Babu makon da ɗaya daga cikin waɗannan ba ya faruwa. Idan jadawalinka cike yake dam, abu ɗaya ya goce ranar Lahadi, sai duk kwanakin da ke bayanta su rushe, ranar Laraba kuwa babu mai ƙara kallon bango.

Safiyar Juma'a ita ce rara ta biyu. Abin da ya kubce a mako a nan ake ƙarasa shi. In babu abin da ya kubce, sai a wanke kekuna sosai, a duba bel, a zauna da yara a koya musu abin da ba a samu sukunin koya musu ba.

Mataki na 5: Nemo inda aiki yake maƙalewa

A nan nake so ka daɗe. Idan ka raba 98 da 6, za ka ce shagon yana iya fitar da kaya 16 masu aiki a mako, ka karɓi kayan mutane a kan haka. Kuskure ne, domin keken aikin wuya ɗaya ne, kuma ba ya motsi sai da wuta.

Takardar da ka cike a mataki na 2 ita za ta gaya maka gaskiya. A misalinmu, ana kawo wuta da safe a yawancin kwanaki, amma abin da za a iya dogara da shi safiya huɗu ne a mako, awa biyu da rabi kowace, awa 10 ke nan. Maigida ya yarda zai tayar da janareta awa ɗaya da rabi bayan Azahar a kwana huɗu, saboda iyakar man da ribar ɗinkin za ta iya ɗauka ke nan, an sami ƙarin 6. Keken aiki yana da awa 16 a mako. Kowane wuya yana cin awa ɗaya da rabi, don haka wuya 10 ne zai fita, da ragowar awa ɗaya. Ko teloli goma ka zuba a shagon, kaya masu aiki ba za su wuce 10 ba.

To, sai lissafin ya koma haka. Masu aiki 10, awa 60. Daga 98 saura 38, waɗanda za su ɗauki marasa aiki 8, awa 36. Kaya 18 a mako, awa 96. Wannan lamba, 10 da 8, ita ce abu mafi daraja da za ka samu daga duk wannan zama. Rubuta ta a saman takardar. Ranar da mutum na goma sha ɗaya ya kawo shadda yana son aikin wuya, ka riga ka san amsa: ko dai mako mai zuwa, ko ka kai wuyan waje a yi maka, ko ya biya kuɗin man da za a ƙara.

Akwai maƙalewa ta biyu da ba a cika lura da ita ba, ita ce almakashi. A shaguna da yawa maigida ne kaɗai yake yanka, don ba ya yarda wani ya taɓa yadin mutane mai tsada. Kaya 18 suna buƙatar awa 18 na yanka daga cikin 34 ɗinsa. Ya isa, amma fa sai an sa yankan a gaba. Alamar da za ka gane yanka ne yake riƙe ku ita ce ka ga teloli biyu zaune suna danna waya da hantsi, ga yadi jibge a kan tebur, maigida kuwa yana bakin ƙofa yana ciniki.

A wajen kafinta wannan wuri na iya zama injin yanka katako ko jiran fenti ya bushe. A wajen mai walda injin walda ne da wuta. Tambayar ɗaya ce: mene ne abin da in ya tsaya kowa ya tsaya? Da shi ake fara cike jadawali.

Mataki na 6: Ja layuka

Kwantar da A4 ta faɗi. Faɗinta santimita 29.7 ne, tsayinta 21. Bar santimita 1 a kowane gefe.

Daga hagu, auna santimita 3 ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, wannan gidan lokaci ne. Sai gidaje bakwai masu faɗin santimita 3.5 kowane, na kwanaki. Ni da Asabar nake farawa in ƙare da Juma'a, domin haka makon shago yake tafiya a wajenmu. In Lahadi kuke hutu, fara da Litinin.

Daga sama, bar santimita 2 don rubuta kwanan wata da lambar nan ta 10 da 8. Sai santimita 1 na sunayen ranaku. Daga nan ka raba yini zango huɗu, kowane zango santimita 3, da siraran layuka uku masu santimita 1 a inda ba a aiki:

8:00–8:30, shara da mai (siriri)
Zango na 1, 8:30–11:00
Zango na 2, 11:00–1:30
1:30–2:30, Azahar da abinci (siriri)
Zango na 3, 2:30–4:00
4:00–4:30, La'asar (siriri)
Zango na 4, 4:30–6:00

Santimita 1 zai rage a ƙasa, a nan za ka rubuta ma'anar gajerun haruffan da za ka yi amfani da su. Siraran layukan nan uku ka shafe su da fensir su yi duhu, don ido ya san ba wurin rubutu ba ne. Haka gidan Juma'a daga tsakiyar zango na 2 zuwa ƙasa.

*Gargaɗi:* kada ka raba yini awa-awa irin jadawalin makaranta. A makaranta ƙararrawa ce take tayar da mutane, a shago kuwa babu wanda zai saki hannun riga a rabi don ƙarfe 10 ta buga. Salla ta riga ta yanka mana yini gida-gida, kowa yana tashi a lokacinta ba sai an ce masa ba, don haka a kanta ake ɗora zango.

Kafin ka rubuta komai a ciki, kai wannan fankon jadawalin a yi maka kwafi goma. Ka huta da rula har wata biyu da rabi.

Mataki na 7: Cike gidaje, amma bi da bi

Kowane gida zai ɗauki gajerun layuka biyar, mutum ɗaya layi ɗaya, kuma kullum a jeri ɗaya: M na maigida a sama, sai B, sai Ƙ, sai S na yaron safe, sai Y na yaron yamma. Idan jerin bai canzawa, kowa zai san inda zai kai idonsa, har wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba.

Fara da abin da ba ya motsi. Ja layi a gurbin Ƙ duk ranar Lahadi. Rubuta "kasuwa" a gurbin M zango na 1 da na 2 ranar Litinin, da "masu kaya" a zango na 4 kullum. Yaron yamma yana boko, ba ya isowa sai zango na 3, amma Asabar da Lahadi yana nan tun safe. Yaron safe yana tafiya Islamiyya bayan La'asar, sai Alhamis da babu makaranta yake kaiwa ƙarfe 6. Ka tambayi iyayensu ainihin lokutan, kada ka dogara da bakin yaran, kuma kada ka sa wa yaro aiki a lokacin karatunsa ko da aiki ya yi yawa. Amana aka ba ka.

Na biyu, keken aiki. Babba ne yake hawansa. Rubuta masa "wuya" a zango na 1 da na 3 ranakun Asabar, Lahadi, Talata da Laraba. Awa 4 a rana, kwana huɗu, 16 ɗin nan ke nan.

Na uku, yanka, kuma a nan ake tafiya da baya. Ana yin aikin wuya ne a kan gaban riga bayan an yanka an manna sitif, kafin a haɗa ta. Ke nan abin da Babba zai hau da shi safiyar Asabar dole ya kasance an yanka shi tun Alhamis. Don haka maigida zai yi yanka zango na 1 da na 2 ranakun Asabar, Lahadi da Talata, awa 15, da zango na 1 ranar Alhamis don makon gaba, jimla 17 da rabi. Rabin awan da ya rage zai fito daga rara. Ƙa'idar da nake bi ita ce, kada a rufe shago sai akwai yankakken kaya aƙalla uku a ajiye na washegari.

Na huɗu, haɗawa. Kaya 18 sau awa 3 da rabi, awa 63. Ƙarami yana da 40, Babba yana da wajen 32 bayan wuya, maigida yana da wajen 16 bayan yanka. Sun fi abin da ake buƙata da kusan awa 25, rararka ke nan. Kada ka tara ta wuri guda. Bar wa kowane gwani zango ɗaya fanko a tsakiyar mako, ka bar yammacin Alhamis kusan a buɗe.

Na ƙarshe, yara: sitif, maɓalli, cire zare, guga, aike. Ka ba kowane yaro aƙalla zango biyu a mako da aka rubuta "koyo", ya zauna a keke da ƙyalle kusa da wanda zai duba shi. In ba a rubuta ba, zai shekara yana sayo abinci da ƙosai bai iya miƙe layi ba.

Ga yadda gidan Talata, zango na 1, zai kasance:

M: yanka 12, 13
B: wuya 9
Ƙ: haɗa 7
S: sitif 12, maɓalli 5
Y: —

Lambobin nan na kaya ne. Kowane ɗinki da ya shigo ka ba shi lamba a littafin awo, ka rubuta ta da alli a cikin yadin ko a ƙyallen da ka ɗaura a ledarsa. Lamba ta fi suna shiga ƙaramin gida, kuma wanda ya shigo shago ba zai karanta a bango cewa wane ya kawo kaya kala biyar ba.

*Gargaɗi:* kada ka sa guga da dutsen lantarki a zangon da janareta yake ɗauke da keken aiki, sai in babban inji gare ka. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareta ba ya iya ɗaukarsa tare da keke, za ka ji muryarsa ta canza, keken ya rage gudu a tsakiyar wuya. A sa guga da safe lokacin wutar NEPA, ko a hura dutsen gawayi.

Mataki na 8: Ranar gamawa daban, ranar karɓa daban

Zaɓi rana biyu na karɓar kaya, misali Talata da Alhamis a zango na 4, ka zagaye su da jan biro. Kayan da jadawali ya nuna za a gama Litinin, Talata za ka ce wa mai shi. Wanda za a gama Laraba, Alhamis. Kwana ɗaya a tsakani shi ne yake raba ka da "ka dawo anjima".

Mutane sun fi son sabon kaya don Juma'a da ɗaurin auren ƙarshen mako, shi ya sa a misalin nan babu aikin wuya ranar Alhamis. Duk wuyan da bai sauka daga keke ranar Laraba ba, da wuya a haɗa shi a goge a miƙa kafin Juma'a ba tare da an kwana a shago ba.

Mataki na 9: Karanta wa kowa, sannan ka manna

Tara su biyar ɗin safiyar Juma'a ko Asabar kafin a fara, ka karanta musu gida-gida. Ka tambayi Babba kai tsaye: "Wuya uku ranar Asabar, za su fita?" In ya ce na ukun mai cika ne, zai ci awa biyu da rabi, gyara nan take. Shi ne yake kan keken, ya fi ka sanin wannan. Jadawalin da maigida ya zana shi kaɗai cikin dare ya wayi gari ya manna, yara suna ɗaukarsa a matsayin tarkon kama mai laifi, kuma za su san yadda za su kauce masa.

Manna shi daidai tsayin ido, inda wanda ke zaune a keke zai gani ba sai ya tashi ba, nesa da wurin guga saboda tururi da feshin ruwa. A lokacin hunturu ka sa shi cikin farar leda don ƙura. Ɗaura fensir da zare a jikin ƙusa kusa da shi, in ba haka ba fensirin zai bi aljihun wani. In ka ga A4 ta yi ƙanƙanta, ninka duk awon sau biyu a kan kwali, ka ja layukan da maka, amma rubutun ciki ya zauna da fensir.

Mataki na 10: Alama kullum, hisabi ranar Juma'a

Kafin a rufe shago, wanda ya gama abin da aka rubuta masa ya sa alamar gamawa a gefe. Abin da bai gamu ba, kada a goge shi. Zagaye shi da jan biro, rubuta dalili da kalma ɗaya, "wuta" ko "zare" ko "gyara" ko "latti", sannan a mayar da shi gidan rara mafi kusa. In aka goge, an goge shaidar da za ta nuna maka ciwon shagon.

Ranar Juma'a ƙirga jajayen. Biyu ko uku ba komai, don su aka bar rara. In sun kai takwas ko goma mako biyu a jere, lissafinka ne ya yi yawa, ba mutanenka ne suka lalace ba, koma mataki na 2 ka sake auna aikin. Duba kuma inda suka taru. In duk a zango na 1 suke da "wuta", safiya huɗun da ka dogara da su sun koma uku ko biyu, sai ka rage 10 ɗin ko ka ƙara mai. In a zango na 3 suke, mai yiwuwa hutun Azahar yana kaiwa ƙarfe 3, ko zafin Maris da Afrilu ne yake kashe jiki bayan abinci, sai a mayar da aiki mai buƙatar natsuwa safe a bar wa wannan zango ƙananan abubuwa. In "zare" ne yake ta maimaituwa, jerin sayayyar Litinin ne ba a rubuta shi daga littafin awo ba. In kuwa babu ja ko ɗaya, har ana zaman banza a gidajen rara mako uku a jere, ƙara kaya ɗaya ko biyu marasa aiki, kada ka ƙara masu aiki sai awannin keken sun ƙaru.

Fankon da ka yi kwafi ba zai kai ka shekara ba tare da gyara ba. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, a watan Yuli kuwa sai kusan 7, don haka zango na 4 yana gajarcewa yana tsawo. Da damina wanda yake da gona zai nemi safiya. Azumi kuwa jadawalinsa daban ne ɗungurungum: babu hutun abinci, ƙarfi yana raguwa bayan La'asar, kuma akan ƙara zango na dare bayan Tarawihi. Ka zana shi tun cikin Sha'aban, ka sake lissafin mataki na 3 da na 5 da sababbin awannin, ka ninka da makonnin da suka rage zuwa Salla. Abin da ya fito shi ne iyakar kayan Sallar da za ka karɓa, kuma ranar da littafin awo ya kai wannan lamba ka rufe karɓa, ko da azumi bai kai goma ba.

Tsofaffin takardun kada ka yar. Huda su a kusurwa ka zura a zare, ka rataye a bayan ƙofa da kwanan watansu. Baɗi idan Sha'aban ya zo, ka ciro na azumin bana ka ga kaya nawa kuka fitar da gaske a kowane mako, da inda jan biro ya fi yawa, ka fara sabon lissafin daga nan.